Littafin aiki: awon Z a kan lissafin wata masana'antar man gujiya a Maraɗi

7 Afrilu 2025

Mun karɓi takardun lissafin masana'antar na shekaru uku, 2022 zuwa 2024. Kamfani ne na iyali, yana matse gujiya, yana sayar da mai a jarka da tunkuza a buhu. Wanda ya ba mu aikin ɗan kasuwa ne da aka nemi ya ba su gujiya bashi a kaka mai zuwa, ta kusan miliyan 100, kuma tambayarsa guda ce: mutanen nan za su kai baɗi a tsaye? Ba za mu ambaci sunan kamfanin ba. Duk adadin da ke ƙasa miliyoyin sefa ne, an cire ƴan kai.

Ga bilan, wato takardar kadara da bashi, na 31 Disamba 2024 yadda suka miƙa shi. Injuna da gini da fili 620, kayan da ke mangaza 410, bashin da suke bin mutane 230, kuɗin banki da na akwati 40. Jimillar kadara 1300. A ɗaya ɓangaren, dukiyar masu kamfani 450 ce: jarin asali 250, ƙarin da aka samu daga sake kimanta fili 80, ribar da aka tara 120. Rancen banki mai dogon zango 300, basussukan yau da gobe 370, rancen kaka da banki ya bayar don sayen gujiya 180. Wato duk bashin da ake bin su 850 ne. Cinikin shekara 1690, ribar aiki kafin kuɗin ruwa da haraji 91, kuɗin ruwa 55.

Kwantabul ɗin kamfanin ya haɗo da nasa awon Z, wato makin da ke auna haɗarin karyewar kamfani, ya samu 2.23. Mun ajiye shi gefe sai mun ga yadda ya fito da shi.

10 Afrilu 2025

Abu na farko shi ne zaɓen ma'auni, don awon Z ba guda ɗaya ba ne. Edward Altman na Jami'ar New York ya fitar da na asali a 1968. Ya ɗauki masana'antun Amurka 66, rabinsu sun karye tsakanin 1946 da 1965, rabi ba su karye ba, ya nemo kaso biyar da suka fi raba waɗannan da waɗancan. Huɗu daga ciki ana raba su ne da jimillar kadara: X1 jarin juyawa, wato kadarar gajeren zango bayan an cire bashin gajeren zango, X2 ribar da aka tara tun kafuwar kamfani, X3 ribar shekara kafin kuɗin ruwa da haraji, X5 cinikin shekara. Shi kuwa X4 dukiyar masu kamfani ce a raba da duk bashin da ake bin kamfanin.

```
Z   = 1.2X1 + 1.4X2 + 3.3X3 + 0.6X4 + 1.0X5
Z'  = 0.717X1 + 0.847X2 + 3.107X3 + 0.420X4 + 0.998X5
Z'' = 6.56X1 + 3.26X2 + 6.72X3 + 1.05X4
```

Na farkon yana buƙatar farashin hannun jari a kasuwa a cikin X4. Kamfanin nan ba ya kasuwar hannun jari ta Abijan, balle a ce yana da farashi, don haka wannan ma'auni ba nasa ba ne. Kwantabul ya zuba dukiyar da ke rubuce a littafi a gurbin farashin kasuwa, abin da Altman da kansa ya kauce masa: a 1983 ya sake lissafa nauyin kowane kaso don kamfanonin da ba sa kasuwa, shi ne `Z'`. Iyakokinsa ma daban suke. Ƙasa da 1.23 haɗari, sama da 2.9 lafiya, tsakani kuwa ba a yanke hukunci. Na ukun, `Z''`, an cire masa kason ciniki gaba ɗaya, iyakokinsa 1.1 da 2.6. Za mu tafi da biyun nan tare.

Matsala ta biyu a lissafin kwantabul ta fi ta farko nauyi, kuma tsarin bilan ɗinmu ne ke jawo ta. A sabon tsarin SYSCOHADA, wato tsarin lissafin kamfanoni da ake aiki da shi a nan tun 1 Janairu 2018, kuɗin hannu da rancen banki na gajeren zango ba sa cikin `Actif circulant` da `Passif circulant`, wato layukan kadara da bashin yau da gobe. Suna da nasu layin a ƙasa, `Trésorerie-actif` da `Trésorerie-passif`. Kwantabul ya ɗauki 640, wato kayan mangaza da bashin da suke bi, ya cire 370, ya samu jarin juyawa 270, alhali ya bar rancen kaka na 180 a waje, bashin da ya fi kowane gaggawa. Daidai shi ne a haɗa da kuɗin hannu da rancen kaka: 680 a cire 550, saura 130.

Da alƙaluman kamfanin, ba a taɓa komai ba: X1 0.100, X2 0.092, X3 0.070, X4 0.529, X5 1.300. `Z'` ya ba da 1.89, `Z''` ya ba da 1.98. Duka biyun a tsakiya suke. Amma ga abin lura: cikin 1.89 ɗin nan, 1.30 daga ciniki kaɗai ya fito. Sauran huɗun gaba ɗaya ba su kai 0.60 ba.

15 Afrilu 2025

Mun shiga bayanan da ke bayan bilan, da jadawalin biyan rance. Daga cikin rancen dogon zango na 300, akwai 90 da za a biya cikin 2025. Bilan ɗin SYSCOHADA yana ajiye rancen baki ɗaya a sama, ba ya raba wanda ya nuna da wanda bai nuna ba, sai a bayanan ƙarshe ake ganin rabon. Ga awon Z, 90 ɗin nan bashin gajeren zango ne, don haka mun sauko da shi. Jimillar bashi ba ta canza ba, jarin juyawa ne ya sauka daga 130 zuwa 40.

Sai bashin da suke bi. Mun nemi jerin abokan ciniki tare da ranar kowace takardar saye. Cikin 230, akwai 60 da ya haura wata goma sha biyu ba a biya ko dala ba, mafi yawansa a hannun dillalai biyu na ƙetaren iyaka. Kayan sun fita ne a 2023, shekarar da aka rufe iyaka da Najeriya, naira kuma ta faɗi. Har yanzu yana asusu na 411, na abokan ciniki masu biya, ba a mai da shi 416 na masu shakku ba, ba a kuma ware masa komai a 491, asusun tanadin asara, ba. Manajan ya ce mutanen kirki ne, za su biya. Mai yiwuwa. Amma bashin da ya shekara ba a motsa shi ba, ba za a sa shi a layi ɗaya da kuɗin da za a biya banki da shi a watan gobe ba.

An ɗan yi gardama a ofis kan inda za a ɗora wannan asara. In aka cire ta daga ribar 2024, X3 zai faɗi da abin da ba aikin 2024 ne ya jawo shi ba, kuma X3 ne ya fi kowa nauyi a ma'aunin. Mun tsaya a kan cire ta daga kadara da kuma ribar da aka tara, mu bar ribar shekara.

22 Afrilu 2025

Ranar mangaza. Mun ɗauki takardar ƙidayar 31 Disamba, muka bi shige da ficen kaya har zuwa yau, muka gwada da abin da ke ƙasa.

A lungun da ke bayan injin matsa akwai tunkuza tan 140, an rubuta ta a jika 200 kowane tan, wato 28. Tun daminar bara take nan. Buhunan ƙasa sun manne da siminti, in an farke ɗaya sai ka ga ta dunƙule, ta yi fumfuna kore-kore, warin kuma tun daga ƙofa. Masu kiwon kaji ba za su karɓa ba, kuma suna da gaskiya, don irin wannan fumfunar ce ke kawo gubar da ke kashe ƴan tsaki. Mun ɗauke ta a matsayin babu. A gujiya kuma an samu giɓin tan 20, kimanin 12. An rubuta ta ne da nauyin ranar saye, tana da sauran danshi da ƙasa, ba a sake aunawa bayan ta bushe an kuma sheƙe ta ba. Wannan 40 ɗin asarar 2024 ce, don haka ta taɓa ribar aiki: 91 ta koma 51.

Sai batun fili. An sake kimanta shi an ƙara 80 a kadara da kuma dukiyar masu kamfani. Mai yiwuwa filin ya kai haka a yau, filaye a Maraɗi ba sa faɗuwa. Amma masana'antar a kansa take zaune, ba za a sayar da shi a biya bashi ba sai ranar da aka rufe ta, mu kuma abin da muke aunawa shi ne ko za a kai ga wannan ranar. Mun cire.

29 Afrilu 2025

Bilan bayan gyara: jimillar kadara 1120, kadarar gajeren zango 580, bashin gajeren zango 640, wato jarin juyawa ya koma ƙasa da sifili da 60. Ribar da aka tara 20, ribar aiki 51, dukiyar masu kamfani 270, bashi yana nan 850. Ba mu lissafa sauƙin harajin da asarar za ta iya kawowa ba.

```
X1 = -60/1120  = -0.054
X2 = 20/1120   = 0.018
X3 = 51/1120   = 0.046
X4 = 270/850   = 0.318
X5 = 1690/1120 = 1.509
Z' = 1.76      Z'' = 0.35
```

Nan ne aikin ya fara magana. Mun zubar da kadarar 180, kashi 40 cikin ɗari na dukiyar masu kamfani ta tafi, ribar aiki ba ta ƙara isa biyan kuɗin ruwa ba (51 ga 55), amma `Z'` daga 1.89 ya sauka zuwa 1.76 kawai. Har yanzu yana nesa da 1.23. Shi kuwa `Z''` ya faɗo daga 1.98 zuwa 0.35, can cikin haɗari.

Dalilin a fili yake in an bi lissafin. X5 ciniki ne a raba da kadara. Duk sa'ad da aka cire ruɓaɓɓiyar kadara, abin da ake rabawa da shi ya ragu, kason ya hau. Ya tashi daga 1.300 zuwa 1.509, ya ƙara wa `Z'` maki 0.21, ya cinye mafi yawan abin da sauran huɗun suka rasa. Wato ma'aunin yana saka wa kamfani da maki don tunkuzarsa ta ruɓe. A masana'antun da Altman ya auna, yawan ciniki a kan kadara alama ce ta iya sarrafa dukiya. A masana'antar da kusan duk farashin kayanta kuɗin gujiyar da ta saya ne, ciniki mai yawa ba ya nuna komai game da abin da ya rage a hannu. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wannan ya sa muka rarraba cinikin. Cikin 1690, asusu na 702, na abin da suka sarrafa da kansu, 1300 ne. Sauran 390 yana 701, na kayan da aka saya aka sayar: manja da suke sarowa su sayar kusan a farashin saye, don kada abokan ciniki su gudu sa'ad da injin ke tsaye. In aka cire wannan daga X5, `Z'` ya koma 1.41. Har yanzu sama da iyaka, amma da ɗan kaɗan. A 2023 suka fara wannan sari, kuma shi ya rufe gangarowar. Da alƙaluman da suka miƙa, `Z'` na shekaru ukun ya kasance 2.05, 1.95, 1.89, ka ce ba abin da ke faruwa. `Z''` kuwa 2.9, 2.4, 1.98.

Hukuncinmu: ga wannan kamfani `Z''` za mu bi, duk da cewa `Z'` ne aka yi wa masana'antu. Za mu rubuta duka biyun a rahoto, da bayanin inda suka rabu da dalilin rabuwar.

2 Mayu 2025

Kwantabul ya kira, ya ce akwai 3.25 da ake ƙarawa a kan `Z''` don ƙasashe masu tasowa, da shi sun samu 3.60, sun haura 2.6. Akwai shi, gaskiya ne. Amma in an ƙara wa maki 3.25 sai a ƙara wa iyakokin ma: 1.1 ya koma 4.35, 2.6 ya koma 5.85. Inda kamfanin yake, nan yake.

6 Mayu 2025

Manajan ya kawo ƙorafi mai ma'ana. Ya ce 31 Disamba ita ce ranar da masana'antar gujiya ta fi kumbura: an gama saye a kaka, mangaza cike, rancen kaka bai fara sauka ba. In a watan Yuni aka ɗauki hoton, da wani abu aka gani. Dokar OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashenmu, ta sa shekarar lissafi ta bi shekarar kalanda, don haka duk mai sarrafa amfanin gona a nan bilan ɗinsa yana faɗawa a wannan lokaci.

Mun gwada maganarsa a kan bilan da aka gyara. Muka ɗauka an matse an sayar da kayan 250, an biya rancen kaka 180 da masu kawo kaya 70. Kadara ta koma 870, bashi 600. `Z'` ya yi tsalle zuwa 2.28, `Z''` ya ɗan matsa zuwa 0.49. Manajan yana da gaskiya cewa ranar tana tasiri, har fiye da rabin maki a `Z'`, ba tare da kamfanin ya samu ko tamma ba. Amma giɓin 60 na jarin juyawa bai motsa ba, domin an rage kadara da bashi daidai wa daida. Wannan giɓin ba na kaka ba ne. Asalinsa an sayi injuna da kuɗin da za a nema a mayar cikin ƴan watanni, ribar kuma ba ta isa ta cike ba.

Ga duk wanda zai gwada kamfani da kamfani, ko shekara da shekara, sai ya tabbata wata ɗaya aka ɗauki hoton. In akwai lissafin wata-wata, matsakaicin kadarar shekara ya fi na rana guda.

13 Mayu 2025

Abu ɗaya ya rage mai iya juya sakamakon. Cikin basussukan yau da gobe na 370, akwai 120 a asusu na 462: kuɗin da Alhaji, mai kamfanin, ya zuba daga aljihunsa a matsayin rance. A takarda yana iya ɗaukar abinsa gobe da safe, shi ya sa muka bar shi a bashin gajeren zango. A aikace ya shekara biyu bai taɓa shi ba.

Mun lissafa hanyoyi biyu. In Alhaji ya sa hannu cewa ba zai cire kuɗin ba har shekaru biyu ko uku, ya koma bashin dogon zango. Jarin juyawa ya tashi daga ƙasa da sifili zuwa 60 a sama, `Z''` ya kai 1.05, kaɗan ya rage ya taɓa 1.1 amma bai kai ba. In kuwa ya mai da kuɗin jari, ta hanyar taron masu hannun jari da takardar notar, bashi ya sauka zuwa 730, dukiyar masu kamfani ta hau zuwa 390, X4 ya zama 0.534, `Z''` ya kai 1.28. Ya fita daga haɗari ya shiga tsakiya.

Kada a ɗauki bambancin 1.05 da 1.28 kamar katanga. Iyakokin nan daga kamfanonin wata ƙasa da wani zamani aka yanko su, inda bankuna da kotuna ke aiki daban da namu. Ko a samfurin 1968, ma'aunin ya gano 31 cikin 33 na waɗanda suka karye shekara guda kafin karyewar, amma da aka ja baya shekara biyu ya sauka zuwa kusan kashi 72 cikin ɗari. Bai kuma san abin da ba ya cikin littafi ba. Alhaji yana da wasu harkoki da gidaje da zai iya tallafa wa masana'antar da su, haka nan zai iya janye kuɗinta ya toshe wani rami. Abin da sa hannun zai ba ɗan kasuwar da ya aiko mu ba maki ba ne, tabbaci ne cewa 120 ɗin ba za ta fice ta gabansa ba. Ribar aiki kuwa ko an sa hannu ko ba a sa ba 51 ce, kuɗin ruwa 55.

Mun duba ƙa'idar OHADA da ke tilasta kiran taro in dukiyar masu kamfani ta faɗi ƙasa da rabin jarin asali. Rabin 250 shi ne 125, suna da 270 bayan gyara, ba su kusa ba.

Shawarar da muka rubuta a daftarin farko: kada a ba da gujiyar miliyan 100 a dunƙule. A raba ta kashi-kashi, kowane kashi a biya shi kafin na gaba ya shiga, kuma a sa mai da asusun Alhaji jari ya zama sharaɗi tun kafin buhun farko.

Muna jiran abu uku kafin rufe rahoto: takardun banki na Janairu zuwa Afrilu, don a ga ko rancen kaka ya fara sauka yadda aka yi alkawari ko an sake jinkirta shi, amsar dillalan nan biyu a rubuce, da lissafin kuɗin kuran da gazuwal na kowane tan da aka matse, don a gane ko matsar da kanta tana kawo riba. Alhaji ya ce zai ba da amsa kan batun asusunsa bayan ya zauna da ƴan'uwansa masu hannu a kamfanin.